An sallami abokin aikinmu, kuma ni aka ɗora wa jawabin ban kwana

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Ina aiki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Kano. Ranar Litinin aka sallami mai kula da sitonmu, dattijo ne, shekararsa bakwai a wurin, shi ya koya mini cike takardar fitar da kaya lokacin da na zo ban san komai ba. Masu binciken kaya ne suka zo suka ƙirga, aka ce katan-katan na man girki ba su cika ba. Aka ba shi takardar tuhuma, ya amsa, daga baya sai ga takardar sallama. Mu dai ba mu ga rahoton ba. Wasu na cewa aikin direbobi ne, wasu na cewa sakacinsa ne, wasu kuma na faɗin abin da ya fi haka muni. Ranar Juma'a zai zo ya miƙa makullai ya kwashi kayansa, abokan aiki kuma sun ce ni zan yi magana a madadinsu, in kuma sa wani abu a guruf ɗin ofis. Ga abin da na tsara, ku duba mini:

"A madadin dukkan ma'aikata, muna taya Malam Wane murnar buɗe sabon shafi a rayuwarsa. Muna da yaƙinin wurin da ya fi wannan yana nan yana jiransa. Ba za mu taɓa samun kamarsa ba. Allah ya kiyaye gaba."

Ummu Sadik: Wa alaikumus salam. Masha Allah, ya yi kyau sosai. Ku ƙara da yi masa fatan hutu mai albarka, ku haɗa masa da shadda da agogon bango. Haka muka yi wa hedimastanmu, har da lemo da cincin, kowa ya ji daɗi.

Ɗan Kwari: Hajiya, korarsa fa aka yi, ba ritaya ya yi ba. Wane hutu kuma? Mutum yana tunanin kuɗin makarantar yara ki ce a ba shi agogon bango, ya dinga kallon lokaci ba ya wucewa?

Ummu Sadik: Subhanallah, a gurguje na karanta. Allah ya musanya masa da mafi alheri.

Hajiya Rabi: Baban Ilham, ɗana, kada ka tura wannan. Na daɗe a ofishin kula da ma'aikata kafin in ajiye aiki, irin wannan ranar ba baƙuwa ba ce a wurina. Jimla huɗu ka rubuta, kuma kowacce akwai ƙayar da za ta soke shi.

Ta farko, murna. Murnar me? Shi ya san ba murna yake ba, kai ka sani, duk wanda ke guruf ɗin ya sani. Da zarar ka ce kana taya shi murna, ka tilasta masa ya yi yaƙe ya ce ya gode, ka ɗora masa aikin ɓoye abin da ke ransa don ku ku sami sauƙi. A al'adarmu kowane abu da gaisuwarsa. Wanda aka yi wa haihuwa barka ake masa, wanda ya yi rashi ta'aziyya, wanda shagonsa ya ƙone ko aka yi masa sata jaje. Rasa aiki a layin jaje yake. In ka riƙe wannan kawai, rabin matsalarka ta kau.

Ta biyu, ka ce kana da yaƙinin wuri mafi kyau yana jiransa. A ina ka samo yaƙinin? Dattijo ne, an sallame shi a kan ƙirgar kaya, kuma duk inda ya nemi aikin sito tambayar farko ita ce me ya raba shi da inda ya baro. Ya fi ka sanin haka. Abin da kake da iko a kai shi ne ka roƙa masa Allah, ba ka yi masa albishir da abin da ba ya hannunka ba.

Ta uku, "ba za mu taɓa samun kamarsa ba". Ranar Litinin mai zuwa wani zai zauna a kujerarsa, wataƙila ma yaron da ke ƙarƙashinsa ne, yana cikin guruf ɗin yana karantawa. Kuma manaja zai ɗauka da shi kake.

Ta huɗun ce ta fi ba ni tsoro. "Allah ya kiyaye gaba" addu'a ce mai kyau ga wanda ya yi haɗarin mota. Amma ga wanda ake zargi da ɓatan kaya, abin da kunnensa zai ji shi ne: ka yi, kada ka sake.

Baban Ilham: Innalillahi. Hajiya, wallahi ban kawo wannan ma'anar a raina ba ko kaɗan. To in an cire duk waɗannan me ya rage? Tsayawa zan yi in yi shiru?

Hajiya Rabi: Abin da ya rage shi ne abin da idonka ya gani. Kai da bakinka ka ce shi ya koya maka cike takardar fitar da kaya. To faɗi wannan. Gaskiya ce, ba ta wanke shi ba, ba ta kuma ɗaure shi ba, kuma ba mai iya musa maka ita, har manajan. Amma kafin ka tsara komai, ka kira shi tukuna? Ka tambaye shi ko yana son a taru?

Baban Ilham: A'a, ban kira ba. Nauyi nake ji. Tun ranar Litinin nake ɗaukar waya ina ajiyewa.

Sani Mai Sharon: Bari in sa baki, don ni an taɓa yi mini. Ina tuƙi a wani kamfani, ba sai na kama suna ba, aka sallame ni a kan maganar mai. Abin da ya fi ci mini rai ba takardar ba ce. Ranar da na koma karɓar sauran haƙƙina, mutanen da muke cin abinci a kwano ɗaya sai kowa ya sunkuyar da kai yana danna waya. Wani da ya hango ni ta taga sai ya shige banɗaki bai fito ba har na bar wurin, ina kallon takalmansa ta ƙasan ƙofa. Na san ba ƙiyayya ba ce, rasa abin cewa ne ya yi, amma a ranar ji na yi kamar wata cuta na ɗauko.

Wanda ya yi mini abin da ban manta ba maigadi ne. Ya taso ya karɓi ledar hannuna, ya rako ni har bakin titi, ya ce, "Malam Sani, na ji abin da ya faru, ban ji daɗi ba. Allah ya buɗa wata ƙofar." Shi ke nan. Bai tambaye ni ya aka yi ba, bai zagi kowa ba. Saboda haka Baban Ilham, ka kira shi yau, kada ka bari sai Juma'a. Duk kwanan da ka ƙara, shi lissafi yake yana cewa wane ma ya yarda na yi.

Ɗan Kwari: Ni fa ina da ja. Kowa yana ta tausayi, amma in da gaske ya ci kayan fa? Mu a kasuwa yaron shago in ya taɓa kuɗi, ba wanda ke tara mutane ya yi masa jawabi. A kira wanda ya kawo shi, a ce ga yaronka, a rabu. Ku je ku tsaya kuna yabon mutum, gobe a kama shi dumu-dumu, ku ji kunya. Kuma ai kamar kun nuna wa masu kamfanin cewa ƙarya suka yi masa.

Malam Abu Fatima: Alhaji, ka ce "in da gaske". To a nan gizo ke saƙa. Su ba su ga rahoto ba, ba su zauna a kwamiti ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana mu yawan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta hana giba, duka ukun a jere. Kuma hadisi ya inganta cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa. Ba a ce su tashi su rantse bai yi ba, wannan ma shaida ce a kan abin da ba su sani ba. An dai ce su yi sallama da mutumin da suka zauna da shi shekara bakwai. Ko da ya yi ɗin, an riga an hukunta shi da abin da ya fi komai zafi a wurin magidanci. Ba aikin Baban Ilham ba ne ya ƙara masa da nasa.

Ɗan Kwari: Na ji, Malam. Amma dai kada a ce "mutum ne mai amana". In aka faɗi wannan an shiga shari'ar.

Hajiya Rabi: A nan kam ina bayanka, Alhaji. Ba "mai amana" ba, ba kuma "an zalunce ka" ba. Na biyun ma ya fi haɗari, don daɗin ji gare shi. Za ka faɗa da kyakkyawar niyya, wani ya ɗauki hoton rubutun, kafin la'asar yana teburin manaja. In kuma dattijon ya kai ƙara, a iya kawo saƙonka a ce ga shaida, a kira ka ka maimaita abin da ba ka da hujja a kansa. In kana ganin zalunci ne, akwai inda ake faɗa: ka rubuta abin da ka sani ka kai wa masu bincike, ko ka yarda ka tsaya masa shaida. Ba a jawabin ban kwana ba.

Injiniya Auwal: Ni ina ganin kun bar jaki kuna dukan taiki. Mutumin nan haƙƙinsa yake buƙata, ba kalamai ba. A dokar ƙwadago ta Najeriya dole a ba kowane ma'aikaci notis na wata guda ko a biya shi albashin watan, babu wanda za a kora haka kawai. Kuma ya je gobe-goben nan ya ciri kashi 25 cikin ɗari na kuɗin fanshonsa. Wannan za ka gaya masa ranar Juma'a.

Barista Hadiza: Injiniya, ka kusa amma da gyara. Sashe na 11 na dokar ƙwadago bai ce wata guda ga kowa ba, gwargwadon daɗewar mutum ne: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda ga mai shekara biyar ko fiye. Mai shekara bakwai ya shiga na wata guda. Sai dai wannan sashen bai hana a sallami mutum ba tare da notis ba in a kan babban laifi ne, shi ya sa abin da aka rubuta a takardar yake da muhimmanci: kawo ƙarshen aikinsa aka yi, ko korarsa aka yi bisa laifi? In yana ganin ba a bi ƙa'ida ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan.

Maganar fansho kuma ba gobe ba ce. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba, amma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Wanda ya kai 50 hanyarsa daban ce. Ya dai adana takardar sallamar da kyau, za a nema.

Amma Baban Ilham, don Allah kada ko ɗaya daga cikin wannan ya shiga jawabinka. Ka bari sai ka je gidansa, ku biyu, ka ce masa in yana so akwai wanda zai duba masa takardar.

Injiniya Auwal: To Barista, na karɓi gyara a kan wata huɗun. Amma ina nan a kan bakana, jawabi ba ya sayen shinkafa.

Baban Ilham: Jama'a, na kira shi bayan sallar isha'i. Yadda Malam Sani ya ce haka na yi, na ce na ji abin da ya faru ban ji daɗi ba, kuma na kira ne in ji lafiyarsa da ta iyali. Ya yi shiru ya jima, sannan ya ce ya gode, ni ne na biyu da ya kira. Da na kawo maganar taro sai ya ce a'a, ba ya son a jera kujeru a kansa. Ya ce zai zo da hantsi, ya miƙa makullai, ya bi ofis-ofis ya yi sallama da mutane a tsaye, ya wuce masallaci. Guruf kuma ya ce in na ga dama in rubuta, amma kada a ambaci dalili.

Hajiya Rabi: Alhamdu lillahi. Ka ga da ba ka kira ba da kun sayi lemo kun tsare bawan Allah a tsakiyar ɗaki yana neman ƙofa. Yanzu aikinka ya ragu. Ba jawabi za ka yi ba, kalmomi ne kaɗan a tsaye. In ya iso wurinku ka tashi, kada ka gaishe shi daga zaune, ka ba shi hannu kamar yadda ka saba kullum. Kada ka sauya murya ka koma ta gidan makoki. Sai ka ce wani abu kamar haka:

"Malam, ba mu ji daɗin rabuwar nan ba. Ni dai ba zan manta ba kai ka zaunar da ni ka koya mini aikin nan lokacin da na zo. Mun gode da zaman da muka yi. Abin da muka yi maka ba daidai ba ka yafe mana. Allah ya musanya maka da mafi alheri, ya rufa asiri."

Daga nan ka yi shiru, ka bar shi ya amsa ko kada ya amsa. Shirun nan shi mutane ke tsoro, sai su cika shi da surutu, a nan ne ake sakin baki a ce "ai ka ma huta da wannan wurin" ko "mu ma muna nan tafe". Ka huta da wurin da kai gobe za ka dawo ka ci gaba da karɓar albashi a cikinsa? Ba ya shiga.

Maman 'Yan Biyu: Hajiya, ina da tambaya a kan yafiyar nan. Na lura kin ce "ka yafe mana" amma ba ki ce "mun yafe maka" ba. Ai mu mun saba a ce a yafi juna.

Hajiya Rabi: Da gangan na bar shi, ƙanwata. A rabuwar lafiya, ritaya ko canjin wurin aiki, "mun yafe maka" ba komai ba ce. A wannan ranar kuwa, in kuka riga shi faɗa, sai ta zama kamar laifin da ake zarginsa da shi kuke yafewa. Ku nemi tasa. Shi da kansa zai ce "ni ma ku yafe mini", sannan ku amsa da "ba ka yi mana komai ba" in haka ne, ko "Allah ya yafe mana baki ɗaya".

Maman 'Yan Biyu: To in ya yi mana fa? Tambayar da ke raina ke nan. Mu a wurinmu wadda aka sallama ta gasa mana aya a hannu, ni ta sa aka yanke mini albashi a kan ƙarya. Ranar tafiyarta aka zagayo da kati kowa ya rubuta. Na ga mutane suna ta "za mu yi kewarki", alhali na san har sadaka wasu suka yi don ta tafi. Ni "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri" na rubuta na sa hannu. Har yau wasu na cewa na yi rowar baki.

Malam Abu Fatima: Ba ki yi rowa ba, Malama. Kin yi mata addu'a kuma ba ki yi ƙarya ba. Ba a wajabta wa kowa kewar kowa ba.

Game da addu'a kuma, Baban Ilham, wadda Hajiya ta kawo tana da asali mai ƙarfi. A hadisin Ummu Salama da Muslim ya ruwaito, an koyar da wanda musiba ta sama ya roƙi Allah ya ba shi lada a kanta, ya kuma mayar masa da abin da ya fi ta alheri. Na kuma so in ce ka karanta masa aya ta 216 a Suratul Baƙara, cewa ta yiwu ku ƙi abu alhali shi ne alheri a gare ku.

Sani Mai Sharon: Allah gafarta Malam, ayar gaskiya ce, ba mai ja. Amma da izininka, wa ke karanta ta, kuma yaushe? Ni a lokacin nawa wanda ya fara karanta mini irin wannan shi ne wanda aka ba motar da nake ja. Wallahi sai da na yi ta istigfari saboda abin da ya zo mini a zuciya. Bayan wata biyu mahaifiyata ta faɗa mini magana ɗaya sak, sai na ji sanyi. Mai albashi a aljihu in ya tsaya yana yi wa wanda aka kora wa'azin haƙuri a bakin ƙofar ofis, ba ya sauka inda ake so. Addu'a dai a yi, wa'azi a bari sai an kwana biyu.

Malam Abu Fatima: Akwai hikima a maganarka, kowace magana da muhallinta. Sai dai ban yarda a ce kullum haka ne ba. Wani dattijon in ba ka tuna masa da ƙaddara ba sai ya ga kamar ba ka ɗauke shi mai imani ba. Baban Ilham ya fi mu sanin mutuminsa.

Bulus Kakuri: Ni abin da zan ƙara, akwai bambanci tsakanin a sallami mutum shi kaɗai da a sallami jama'a. Mu da muka tashi a Kakuri mun ga lokacin da masaƙu suka rufe, haka kuma da gwamnatin Kaduna ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar 2017. A irin wannan kowa ya san dalili, ana faɗinsa a fili, har ana jajanta wa juna a layin banki. Wanda aka cira shi ɗaya kuwa kunya ce ke cinsa kafin talauci ya iso. Shi ya sa abin da za a rubuta a guruf ya fi na baki wuya, don rubutu yana zama, kuma matarsa ma za ta iya gani.

Baban Ilham: To ga na guruf ɗin, na sake:

"Salam. Yau Malam Wane ya yi sallama da mu bayan shekara bakwai muna tare. Da yawanmu a hannunsa muka koyi aikin sito, kuma ba a taɓa zuwa wurinsa da tambaya ya kori mutum ba. Mun gode masa, muna roƙon ya yafe mana kurakuranmu. Allah ya musanya masa da mafi alheri, ya buɗa masa ƙofofin arziki. Lambarsa tana nan ga mai son kiransa."

Barista Hadiza: Ya yi. Ba ka ce ya ajiye aiki ba, wanda da ƙarya ce, ba ka kuma ce an kore shi ba. Jimlar ƙarshe dai ka tambaye shi kafin ka sa.

Ɗan Kwari: Wannan ko ni zan iya sa hannu. Amma ka shirya, akwai wanda zai tambaya a ƙasa, "Lafiya? Me ya faru?" kamar bai sani ba. Kowane guruf akwai irinsa.

Hajiya Rabi: Akwai kuwa. Kada ka amsa masa a fili. In ya biyo ka ta gefe ka ce maganar tsakanin Malam da kamfani ce, in yana son ji ya kira shi. Kuma ka roƙi admin kada ya cire shi daga guruf a ranar. Ba abin da ya kai muni kamar ana cikin "amin, amin" sai a ga an rubuta an fitar da shi. A bar shi ya fita da kansa.

Injiniya Auwal: Guruf na aiki ne fa, Hajiya. Ana sa farashi da lissafin kaya a ciki. Ba manajan da zai yarda wanda aka sallama a kan kaya ya ci gaba da gani.

Hajiya Rabi: In na aiki ne zalla, to kada ma a sa saƙon a can. A sa a na zumunci, inda ake sanar da biki da suna. In ba ku da shi, a gaya masa tun da safe cewa za a rufe, ya fita da hannunsa kafin a taɓa shi.

Baban Ilham: Ɗaya ne gare mu, komai a ciki ake yi, kuma manaja ne admin. Zan gwada yi masa magana. Saura abu ɗaya: yara 'yan dako sun ce a yi karo-karo a ba shi. Ni ina tsoron kada ya ga kamar bara aka yi masa.

Sani Mai Sharon: Ku yi. Kada ku bari kunya ta hana. Amma ba a ofis ba, ba a gaban mutane ba, kuma kada a rubuta sunaye da abin da kowa ya bayar a guruf. A sa a ambulan, mutum biyu su kai gida bayan kwana biyu, a ce ga wannan a saya wa yara wani abu. In aka ce na yara ne ba ya iya mayarwa.

Ummu Sadik: Ni kuma ina ganin kayan abinci sun fi, buhun shinkafa da taliya. Kuɗi yanzu ba ya auki.

Ɗan Kwari: Hajiya, a kai wa wanda ake zargi da kwasar kayan sito buhun shinkafa har ƙofar gida, maƙwabta suna kallo? Ki yi wa Allah. Kuɗin dai.

Maman 'Yan Biyu: To in manajan ya ji an yi karo-karo fa? Wasu shugabannin ɗauka suke an yi musu tawaye.

Barista Hadiza: Kuɗin aljihunsu ne, kuma a wajen ofis za a bayar. Kada dai a tara a lokacin aiki ko a sa sunan kamfani a jikin ambulan ɗin.

Hajiya Rabi: Ni da zan ba da shawara, a gaya wa manajan tun kafin ya ji a bakin wani. Ba izini za a nema ba, sanarwa ce: ranka ya daɗe, za mu kai wa Malam ɗan abin da ya sawwaƙa. Na ga waɗanda suka sa hannu a aljihu suka bayar fiye da kowa, don su ma abin yana damunsu.

Injiniya Auwal: Ni kuma na ga waɗanda suka rubuta sunan duk wanda ya bayar suka ajiye. Ban goyi bayan a gaya masa ba.

Baban Ilham: Namu manajan ba a gane gabansa. Zan tuntuɓi babban akawunmu da safe, ya fi ni sanin halinsa, abin da ya ce shi za mu bi. Barista, in Malam ya yarda a duba masa takardar, zan iya turo miki hotonta ta gefe?

Barista Hadiza: Sai da yardarsa, kuma ya fi kyau shi ya turo da kansa. Ya haɗo da takardar ɗaukarsa aiki ta farko da amsar da ya bayar ta tuhumar, in ya ajiye kwafi.